Sharhi kan akwatin kafasita da muka saka a injin casar shinkafa

Akwatin da muka saya mai kvar 200 ne, an raba shi matakai 8, kowane mataki kvar 25, kuma an haɗa shi da taransfomarmu mai kVA 500 a kan bolt 415. Da farko babu abin da zan ce sai yabo, domin alƙaluman cos φ da ke kan allon, wato ma'aunin yawan wutar da ke yin aiki cikin wadda ake ja, sun tashi daga wajen 0.78 zuwa 0.96, wayoyin da suke yin zafi suka huce, nauyin da ke kan taransfoma kuma ya ragu. Da a lokacin aka nemi ra'ayina, da na ce kowa ya saya.

Matsalar ta fara ne bayan mun ƙara inbata masu sarrafa gudun injuna. Fis na mataki ɗaya ya ƙone, aka canza shi, sai na wani matakin ya bi baya, kuma kullum a lokacin da aiki ya kankama, matakan duka suka shiga. Dillalin da ya sayar mana ya ce wuta ce ba ta da kyau, ya ba da shawarar a sa fis mai girma. Wannan shawara ita ce ta fi ɓata mini rai, saboda fis ɗin yana yin aikinsa ne, kuma ƙara masa girma tamkar toshe bakin mai gadi ne don kada ihunsa ya hana mutane barci.

Wani injiniya da muka ɗauko daga waje ne ya gano bakin zaren. Kafasita mai kvar 25 a kan bolt 415 ya kamata ta ja kusan amfiya 35, kuma ƙa'idar IEC 60831 ta yarda ta ɗauki har ninki 1.3 na hakan, wato kusan amfiya 45. Da ya auna da mita mai alamar True RMS sai ya samu amfiya 52 a layukan uku. Ya bayyana mana cewa irin waɗannan inbata suna watsa hamonik na 5 da na 7 cikin layi, wato wutar da ke zagaye ninki 5 da ninki 7 na saurin wutar layi, Hz 250 da Hz 350, ita kuwa kafasita tana ƙara buɗe wa wuta hanya gwargwadon ƙaruwar saurin zagayen wutar. Mafi muni shi ne taransfoma da kafasita suna da wani zango da suke amsa wa juna, kuma lissafinsa ba shi da wuya:

```
h = √(Ssc / Qc)
Ssc = 500 / 0.05 = 10000
h = √(10000 / 200) ≈ 7.07
```

A lissafin, h lambar hamonik ce, Qc kvar ɗin akwatin, Ssc kuwa kVA ɗin taransfomar da aka raba da 0.05, wato kashi 5 cikin ɗari da aka rubuta a jikin taransfomar. Ma'ana, duk sa'ad da matakai 8 suka shiga, akwatin yana zama daidai kan hamonik na 7, sai ƙaramin abin da inbata ta saki ya ninninka tsakanin taransfoma da kafasita. Wannan lissafi ne na minti biyu, kuma har yanzu ina jin haushin cewa mai sayar da kayan bai taɓa tambayar ko muna da niyyar saka inbata ba.

Da aka kashe wuta, aka jira cajin ya sauka, aka auna aka tabbatar kafin a taɓa, sai muka tarar da kafasita biyu murfinsu ya kumbura. A nan dole in yi wa kamfanin da ya ƙera su adalci: an tsara murfin ne ya ɗaga idan iska ta taru a ciki, ya tsinke wayar da ke ƙarƙashinsa, kuma hakan ya hana su fashewa. Amma wadda ta kumbura ta mutu, babu gyara.

Abin da ya sake sauya mini ra'ayi shi ne wata ta uku da ba ta kumbura ba, amma tana jan amfiya 28 kawai idan an kashe inbata. Tsufa ke nan, kuma alamarsa kishiyar ta hamonik ce: wutar da take ja raguwa take yi, domin duk lokacin da ledar ciki ta huje ta warkar da kanta, tana rasa wani yanki na ƙarfinta. Tsakanin kowane baki biyu ya kamata a samu kusan 231 µF, ita kuwa ba ta kai 190 ba. Zafi ke gaggauta wannan, kuma fankar akwatin ƙarama ce, matatar iskarta ta toshe da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi. Kayan da za a sayar a Kano, inda zafin Afrilu kan wuce digiri 40, bai dace a ba su irin wannan fanka ba.

Maganin da aka yi shi ne saka wa kowane mataki riyakta, wato naɗin waya da ake jerawa da kafasita, ta kashi 7 cikin ɗari, wadda ke sauko da zangon zuwa Hz 189, ƙasa da hamonik na 5. Sai dai riyakta tana ɗaga bolt ɗin da ke kan kafasita zuwa kusan 446, don haka tsofaffin masu bolt 440 duka sai da aka cire su, har da masu lafiya, aka sa masu 525. Tun daga nan fis bai sake ƙonewa ba, amma kuɗin gyaran ya kusa kamo kuɗin akwatin kansa.