Raba intanet ɗin waya a ɗakin mutum shida: abin da na gani daren miƙa aiki

Mu shida ne a ɗakinmu na masaukin ɗalibai mata a nan Maradi, kuma ordinater ɗaya ke gare mu, ta wata yayarmu da ke shekara ta uku. Ni kuwa wayata ce ke kama rezo sosai, in dai an ɗora ta a bakin taga. Ranar da za mu aika wa malami aikin rukuninmu kafin ƙarfe 12 na dare, sai muka haɗa ƙarfi: ita ta kawo na'ura, ni na sayi forfe na jiga 1 na kunna "Point d'accès mobile", wato raba intanet ɗin waya ta wifi. Ban taɓa dogara da shi a babban aiki ba sai ranar, shi ya sa nake son in faɗi yadda na same shi.

Kunnawa ba wuya, minti ɗaya ya isa. Kuskurena na farko shi ne lambar sirri. Ba ta karɓar ƙasa da haruffa 8, ni kuma don gaggawa na sa 1 zuwa 8. Kafin mu idar da sallar isha'i saƙo ya shigo cewa rabin forfen ya tafi, alhali shafi uku kawai muka buɗe. Na duba jerin na'urorin da ke haɗe, sai na ga huɗu. Biyu daga ɗakin maƙwabta ne, kuma ban ga laifinsu ba, wanda ya bar ƙofa buɗe shi ya gayyaci baƙi. Na canza lambar, na rage adadin masu iya shiga zuwa ɗaya.

Amma megan bai daina zuba ba. Na ce, "Yaya, ko kina kallon wani abu ne a ɓoye?" Ta rantse ba ta buɗe komai ba, kuma gaskiyarta. Ordinater in ta ga wifi, ɗauka take irin na ofis ne marar iyaka, sai ta kama sauke sabuntawarta da kanta, ba ta tambayi kowa ba. Ga ta an yi makonni ba a haɗa ta da intanet ba, yunwa ta taru. Maganin yana cikin saitin wifi ɗin da aka haɗa, wani maɓalli mai suna "Connexion limitée". Da muka kunna shi, lissafin megan a wayata ya lafa nan take. Da na san wannan tun farko, da mega 200 ta ishe mu aikin duka.

Wajen ƙarfe 10 kuma wata matsalar ta taso, shafuka suka koma tafiyar hawainiya. Na zaci rezo ne, sai na gwada buɗe shafin a wayar kanta, ya buɗe ba ɓata lokaci. Ashe tsakanin waya da ordinater ne abin ya cushe. Sunayen wifi da ke fitowa a jeri sun fi goma, kowane ɗaki da nasa, kuma yawancinsu a kan 2,4 GHz suke, inda hanyoyi uku ne kacal ba sa taka juna. Wasu wayoyin na da zaɓin 5 GHz, wanda ba shi da cunkoso sosai ko da yake ba ya nisa, amma tawa ba ta da shi. Ga wayar ta yi zafi kamar an ciro ta daga murhu, batir ya sauko zuwa 19, ga zafin watan Afrilu.

Abin da ya cece mu igiyar caji ce. Na kashe wifin, na soka wayar jikin ordinater, na kunna rabawa ta USB, wadda ke wuri ɗaya da ta wifi a saitin waya. Babu mai iya shiga daga waje, babu cunkoso, kuma wayar na shan caji kaɗan kaɗan. Igiyar farko da muka gwada ba ta yi ba, maɓallin ya ƙi kunnuwa, domin irin mai arhar nan ce da ke kai wuta kawai ba ta ɗaukar bayanai. Sai da muka aro wata. Sai dai gajera ce, dole yayarmu ta tattara ta koma ƙarƙashin taga, tana bugu tana korar sauro.

Aikawa ta fi saukewa nauyi, wannan ma ranar na lura. Takardar ta kai mega 18 saboda hotunan da muka cusa, ta tsaya a hanya sau biyu. Muka rage girman hotunan ta dawo mega 3, ta tafi da ƙarfe 11 da minti 40.

Zan sake amfani da shi, amma ta igiya, in dai mutum ɗaya zan ba. Ta wifi sai in mun fi biyu, kuma sai na ga an kunna maɓallin "Connexion limitée" da idona. Mega 90 ta rage mini, yayarmu kuwa ta biya ni da fura washegari.