Na gwada Photopea wajen dasa mutum a wani hoto

Gaskiya Photopea ya biya ni, kyauta ne kuma a burauza yake buɗewa ba sai ka sauke komai ba, talla ce kawai a gefe. Amma a kwamfuta za ku yi, don yatsa a waya ba ya bin gefen riga yadda ake so. Yayanmu ne bai samu zuwa ɗaurin aure ba, Hajiya ta ce lallai sai an sa shi a hoton 'yan gida, to da shi na gwada.

Yankan ba wuya. Select sai Magic Cut, ka shafa kore a jikin mutum, ja a bango, ya ware maka. Inda za ka bi da hannu shi ne 'yar kafar da ke tsakanin hannu da babbar riga, da tsakanin ƙafafu, nan tsohon bango ke maƙalewa. Kuma farar shadda tana kwasar launin wurin da aka ɗauka, nasa gefen duk ya yi shuɗi-shuɗi saboda fentin ɗakin, sai da na rage launin a gefen kawai.

Wahalar tana ƙasa wallahi, wajen takalmi. Kana ajiye shi za ka ga kamar yana shawagi, dalili babu inuwa. Inuwa biyu ake yi a sabuwar leya ƙarƙashinsa, a sa ta Multiply. Ta farko siririya ce mai duhu sosai, daidai inda takalmi ya taɓa ƙasa, ita ce ke dasa shi. Ta biyu ita ce doguwar, ka duba inda inuwar sauran mutane ta faɗi ka bi ta, tsawo da duhu iri ɗaya, sannan Gaussian Blur kaɗan, tana nisa da ƙafa tana ƙara dishewa. Mu hoton da rana tsaka aka ɗauka, to inuwar gajera ce, in ka ja ta da tsawo kowa zai gane.

Girma kuma kar ka yi da ka. In mai hoto a tsaye ya ɗauka kuma ƙasa a shimfiɗe take, idanun masu tsayi ɗaya kusan layi ɗaya suke zama, na gaba da na baya, ƙafa ce ke sauka ƙasa in mutum ya matso. Sai na danna Alt+Ctrl+T na daidaita idonsa da na ƙaninsa tunda kansu ɗaya, na ja har takalmi ya sauka a sahunsu.

Haske ya zo masa ta hagu, su kuma ta dama, na juya shi, sai aikin wuyan rigar da aljihu suka koma ɗaya gefen, wanda ya san babbar riga zai lura nan take. Dole aka turo wani hoton da haskensa ya dace. A ƙarshe na sa Add Noise kaɗan a jikinsa, don nasa ya fi namu tsabta.