Gargaɗi ga masu ciwon sukari game da ƙwayoyin man habbatus sauda

Ana ta yaɗa tallar ƙwayoyin man habbatus sauda da iƙirarin cewa suna warkar da ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon daji, har wasu masu sayarwar suna gaya wa majinyaci ya ajiye maganin asibiti tun da ya samu na asali. Duk wanda ya faɗa maka haka yaudararka yake yi, ko da ya jingina maganarsa da hadisin da ya ambaci habbatus sauda, domin hadisin bai umarci kowa da barin maganin likita ba.

Gaskiya ne an gwada ta a kan masu ciwon sukari nau'i na biyu. A wani gwaji da aka wallafa daga Saudiyya a 2010, an ba majinyata 94 giram 1 ko 2 ko 3 na garinta kullum tsawon mako 12, kuma sukarin waɗanda suka sha giram 2 ya ragu. Sai dai dukkansu suna kan maganinsu na asibiti, babu wanda aka ce ya warke, kuma gari aka ba su, ba mai ba. Sinadarin da ke aiki a cikinta, wato timokwinon, yawansa ya bambanta ƙwarai daga kwalba zuwa kwalba.

Wannan ragin da take yi shi ne abin da ya fi damuna. A ɗauki misalin mutumin da ke shan gilibenkilamaid, maganin da ke tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke rage sukari a jini, ko an ci abinci ko ba a ci ba, kuma awon sukarinsa na safe ya tsaya a miligiram 110 a desilita. Idan ya ƙara da ƙwayoyin nan safe da yamma ba tare da sanin likita ba, sannan wata rana abinci ya yi masa jinkiri, sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70 a desilita, wato milimol 3.9 a lita. Zai ji jikinsa na rawa, zufa ta karyo masa, zuciya na bugawa da sauri, daga nan ruɗewa ta biyo baya, har ta kai ga suma. Muddin yana cikin hayyacinsa, sai ya sha sukari kimanin giram 15, ya sake awo bayan minti 15. Wanda ya suma kuwa ba a ɗura masa komai, asibiti ake garzayawa da shi. Mai allurar insulin yana cikin wannan haɗarin, amma mai shan maganin sukari na metfomin kaɗai ba kasafai hakan ke samunsa ba.

Mai ciwon sukari nau'i na ɗaya da ya yarda da tallar ya bar allurarsa ta insulin, cikin kwana ɗaya ko biyu jininsa na iya gurɓata ya halaka shi. Wanda ya riga ya fara shan ƙwayoyin ya ci gaba da maganinsa, ya yawaita awo yana rubutawa, sannan ya kai wa likitansa kwalbar tare da takardar awon.