Kanta mai nauyi: abin da bangon bulo ke riƙewa da abin da fatishan ke iyawa

"Salam 'yan uwa. Kafinta ya yi min kanta biyu iri ɗaya, tsawon mita ɗaya, faɗin santimita 30. Ɗaya zan kafa a sito na gida a Kubwa, bangon bulo ne. Ɗayar a shagona na hoton takardu a Wuse, inda aka raba shagon da fatishan na allon jibsam, zan jera rim ɗin takarda a kai. Ya ce fisha mai lamba 8 ta isa duka biyun. Haka ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. A bulo tana iya isa, idan bulon na kirki ne. A fatishan ba za ta isa ba ko kusa, kuma ba laifin girmanta ba ne. Fisha roba ce da ke buɗewa idan sukuru ya shige ta, ta matse jikin ramin ta kowane gefe, wannan matsewar ce kaɗai ƙarfinta. Allon jibsam kaurinsa wajen milimita 12 ne, cikinsa gari ne da aka danne tsakanin takarda biyu, bayansa kuma iska. Fisha mai lamba 8, wato mai kaurin milimita 8, in tsawonta milimita 40 ne, za ta wuce allon ta buɗe bakinta a cikin iskar, ɗan abin da ya rage a allon kuma ya murƙushe garin.

Kafin mu je ga abin da za ka saya, ka fara sanin irin jan da kanta ke yi wa bango, don nan ne yawancin masu kafawa ke yin kuskure. Madubi ko agogo nauyinsu ƙasa yake bi, a jikin bango. Kanta kuwa ta miƙo waje, saboda haka kayan da ke kanta suna ƙoƙarin tumɓuko sukurun sama ne daga bango, yayin da ƙasan baraket, wato ƙarfen da ke riƙe kantar a bango, ke danna bangon ciki. Wajen wannan jan, sukurun ƙasa kusan hutawa yake yi. Na sama shi ke ɗauke da aikin.

Mu lissafa da taka kantar. Rim ɗaya na takardar A4 ta yau da kullum kilo 2.5 ne. Rim 16 kilo 40 ke nan, baraket biyu, kowane kilo 20. Idan kayan sun zauna a tsakiyar faɗin kantar, nauyin yana santimita 15 daga bango. Ka ninka 20 da 15, ka sami 300, sai ka raba da tazarar da ke tsakanin sukurun sama da ƙarshen ƙafar baraket ta ƙasa. In tazarar santimita 20 ce, sukurun sama na shan jan kilo 15. In baraket ɗin gajere ne, irin mai santimita 10 da ake sayarwa da araha, jan ya koma kilo 30, alhali ba ka ƙara ko rim ɗaya ba. Ranar da yaron shago ya turo kayan bakin kantar, ko ya dafa bakin zai sauko daga kan kujera, lissafin ya sake ninkuwa. Don haka kafin fisha, ka sayi baraket mai doguwar ƙafa, mai ƙarfen tokare a tsakiya. Wannan ya shafi bangayen biyu.

To, bangon gida. Mutane na jin "bulo" sai su ɗauka dutse ne, amma yawancin bulon da ake gini da shi a Abuja, mai inci 6 da mai inci 9, mai kogo ne. Abin da dirili zai ci shi ne filasta, wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, sai fatar bulon ta 'yan santimita, daga nan sai rami. Filasta ba ta riƙe komai, ka cire ta daga lissafi. Fisha mai milimita 40 da aka buga daidai da fuskar bango, kusan rabinta a filasta take zaune. Shi ya sa nake fifita mai lamba 10 doguwa, milimita 80, ta nailan, irin wadda ke ƙulluwa a baya idan ta sami kogo, ta kuma matse idan ta sami jiki. Sukurunta mai kauri milimita 6 zuwa 7, kuma tsawonsa ya zarce kaurin baraket haɗe da tsawon fishar, har bakinsa ya ɗan fita ta ƙarshenta. Sukurun da ya tsaya a tsakiya bai buɗe ta ba. A kasuwar kayan gini ta Dei-Dei za ka ga fisha ana aunawa a leda kamar gyaɗa. Ka lanƙwasa ɗaya da yatsa: ta nailan za ta lanƙwashe ta dawo, ta banza za ta yi fari a wurin ko ta karye.

Ramin farko da za ka huda shi zai gaya maka irin bangon da kake da shi. Bakin dirili lamba 10 ga fisha lamba 10, kar a ƙara. Ka fara ba tare da kunna hama ba. Idan dirilin na ci a hankali yana fitar da gari mai launin toka, bulon na da siminti. Idan ya nutse kamar babu komai, garin kuma yashi ne zalla, ka haɗu da bulon da aka ja wa buhun siminti fiye da ƙima, kuma irinsa ba ya wuya a gidajen haya. Idan ya ci na ɗan lokaci sannan ya zurma gaba ɗaya, ka shiga kogo. Hama a bulo mai kogo tana fasa fatar ta ciki, ta rage maka ɗan naman da kake taƙama da shi, ramin kuma ya yi faɗi. Ka bar hama sai ka ci karo da kankare na gaske, wato fila ko linta. Bayan hudawa ka hure ƙurar ramin, ka sa zurfinsa ya ɗara fishar da santimita ɗaya. Fisha mai kyau da ɗan bugun guduma take shiga; wadda ta shige da turin yatsa ba za ta riƙe ba.

Akwai masu cewa tunda kaya masu nauyi ne a sa anka bol na ƙarfe, wanda ke buɗewa cikin rami idan an ɗaure shi. A fila, a linta, a rufin kankare, babu kamarsa. A bulo mai kogo ko mai taushi kuwa ƙarfin buɗewarsa ya fi ƙarfin bulon: kana ɗaurewa da sifana yana tsaga fatar, sai ka ji ya saki. In bulon ya nuna rauni, hanya biyu ce. Ta farko anka mai gam, wanda ake sa masa 'yar raga a ramin, a matsa gam ɗin, a tura ƙarfe mai zare, a bar shi ya daskare gwargwadon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbar kafin a ɗora komai. Gam ɗin na tsattsafowa ta ragar ya yi ƙulli a bayan fatar, ba tare da ya matsa wa bulon ba. Ta biyu, in bayan bangon naka ne ba na maƙwabci ba, ka huda har waje, ka zura dogon ƙarfe mai zare, ka sa faffaɗan washa ko ɗan farantin ƙarfe da noti ta can. Ba shi da kyan gani, amma a sito wa ke kallo? Dabarar feƙe itace a cusa a rami a buga ƙusa kuma, ka hana kafinta. Da damina itacen ya kumbura ya kama, hunturu na zuwa ya bushe ya tsuke.

Yanzu shago. A bulo tambayar ita ce ko jikin bangon zai jure matsa. A fatishan ba a matsa komai, kamawa ake yi ta baya. Anka biyu ne ke yin wannan: mai fiffike, da 'yan kasuwa ke kira batafilai, wanda ake naɗewa a tura ta rami ya buɗe a bayan allo, da na ƙarfe mai ƙafafu da ke tattarewa su baje idan aka ja sukurun. Dukansu sun fi fisha nesa ba kusa ba. Amma iyakarsu ba ƙarfin ƙarfen ba ne, ƙarfin allon ne. Nauyin da wasu masu ƙera su ke ba da shawarar a ɗora a allo ɗaya mai milimita 12 bai wuce kilo 20 ga kowane anka ba, shi ma a allo busasshe mai lafiya. Ka koma lissafinmu: kilo 15 da dogon baraket, kayan na zaune lafiya a tsakiya. Ka riga ka kusa iyaka tun kafin wani ya dafa. Ga kuma ƙasan baraket da ke nutsewa cikin allon a hankali, yana ƙara wa kantar sunkuyo. Ƙananan ankan nan masu faɗin zare da ake murzawa kai tsaye cikin allo, na agogo ne da kalanda.

Saboda haka a fatishan ba allon za ka nema ba, ƙasusuwan da ke bayansa za ka nema. Ana kafa allon ne a kan sanduna a tsaye, na ƙarfe ko katako, yawanci tazarar santimita 40 ko 60. Ka ɗauki maganaɗisu ka bi bangon a hankali. Inda ya manne, kan sukurun da ya riƙe allon ne, kuma za ka ga suna jere daga sama zuwa ƙasa a layi ɗaya. Nan sanda take. In katako ce, ka yi sa'a: sukurun katako mai kauri da zai shige ta da santimita 4 zuwa 5 ya gama magana, ba ka buƙatar anka ko ɗaya. In ƙarfe ce, ka sani siririya ce, wajen rabin milimita, zare ɗaya ko biyu na sukuru ne kawai ke kamawa. A nan sai ka huda allon da sandar tare, ka zura batafilai ya buɗe a bayan ƙarfen.

Da wuya sandunan su faɗo daidai inda baraket ɗinka yake. Maganinsa falankin filawud mai milimita 18, tsawonsa ya haye sanda biyu ko uku, tsayinsa ya kai ƙafar baraket. A ɗaure shi a kowace sanda sama da ƙasa, sannan a ɗaure baraket a jikinsa. Amma ka fara tura fatishan ɗin da tafin hannu. A filazoji da yawa na Wuse, fatishan bai kai silin ba, ko firam ɗin alminiyom ne da siririn allo. In ya yi lilo, babu ankan da zai cece ka, don bangon ne gaba ɗaya zai sunkuyo. Da ni ne mai shagon, ga takarda kilo 40 da gobe za ta zama 60, zan sa mai walda ya yi wa kantar ƙafafu biyu zuwa ƙasa, bangon ya zama hana ta faɗuwa kawai yake yi. Mai filaza ma ba zai sami abin cirewa a kuɗin ajiyarka ba.

A bangayen biyu, kar ka huda a saitin soket ko makunnin fitila, sama ko ƙasa, nan bututun waya ke bi. A sito mai jingine da kicin ko banɗaki ka duba ta ina famfo ya bi.

Bayan kafawa, ka ɗora rabin kayan ka bar su kwana, sannan ka gwada zura takarda tsakanin saman baraket da bango. In ta shige, sukurun sama ya fara fitowa. A bulo alamar ita ce garin yashi a ƙasa ƙarƙashin ramin, ko sukurun da ke juyawa ba ya tsayawa. A jibsam za ka ga fenti ya ɗan tasa ko ya yi zoben tsaga kewaye da ankan. Ko wanne ka gani, ka sauke kayan, kar ka ƙara ɗaure sukurun a ramin da ya riga ya mutu. A bulo ka matsa gefe da kamar santimita 10 ka sake sabon rami, a fatishan ka koma kan sanda.