Albashi ko kason riba: yadda kuɗi zai riƙa fita daga asusun sana'a zuwa naka

"'Yan'uwa, na buɗe asusu biyu kamar yadda aka ba ni shawara, ɗaya na sana'a ɗaya nawa. Yau wata huɗu ke nan, amma jarina sai ƙara ramewa yake. Wani ya ce in yanka wa kaina albashi, wani ya ce in riƙa cire kaso daga ribar kullum. Wanne ya fi?"

Ɗan'uwa, ka yi rabin aikin, kuma rabin da ka yi shi ne mai sauƙin. Asusu biyu ɗakuna biyu ne da ƙofa a tsakaninsu. Idan ƙofar a buɗe take dare da rana, ɗaki ɗaya ke gare ka, sai dai cajin banki da ya zama biyu. Shawarwarin nan biyu duk magana ce a kan ƙofar: yaushe za a buɗe ta, kuma nawa zai wuce.

Bari in fara da cire kaso, don shi ne ya fi daɗin ji. Ranar da kasuwa ta yi kyau ka ɗauki da yawa, ranar da ta yi sanyi ka ɗauki kaɗan, kamar dai ba yadda za a yi ka ci fiye da abin da ka samu. Matsalar ita ce mafi yawanmu ba mu san ribar ranar ba, cinikin ranar muka sani. A ce kana ɗora 15 a kan kowane 100 na sari. Yau ka yi cinikin 23,000, ko da wane irin kuɗi kake harka, sai ka ce kashi 15 nawa ne, ka tura wa kanka 3,450. To kayan da ka sayar 23,000 ɗin nan 20,000 ka saro su, ribar 3,000 ce. Ka ci 450 daga uwar kuɗi ba ka sani ba, domin 15 a kan 100 na sari bai kai kashi 15 na ciniki ba, kashi 13 ne da ɗan ɗoriya. Idan kwana 26 kake fita a wata, 11,700 ta tafi ke nan. Kuma ko 3,000 ɗin ba duka naka ba ne, ba a cire haya da kuɗin ɗauko kaya da abin da ya lalace ba. Balle ace a cikin cinikin akwai wanda aka karɓa bashi, ka cire kasonka daga kuɗin da bai shigo hannu ba tukuna.

Albashi kuwa ba ya neman ka san ribar kowace rana. Ka tsayar da adadi ɗaya da rana ɗaya a mako, ka tura daga asusun sana'a zuwa naka, ƙofa ta rufe sai wani makon. Amfaninsa na farko a gida yake: kai da iyalinka kun san abin da zai shigo, sai a tsara cefane a kansa. Na biyu a lissafi yake. Idan ka ciro bayanin asusun sana'a a ƙarshen wata, layi huɗu kacal ya kamata ka gani da sunanka, ko biyar a watan da ranar albashi ta zo sau biyar, duk adadi ɗaya. Duk wani layi da ya ɓullo bayan waɗannan, ka kama ɓarawon jarinka da hannu. Mai cire kaso kuwa layi ashirin da wani abu zai gani, kowanne da nasa adadin, ba zai iya bambance wanda ya cancanta da wanda sha'awa ta sa ya tura ba.

Amma albashi ma yana da nasa ramin, kuma mai zurfi ne. Idan ka yanke shi bisa buƙatar gida ba bisa ƙarfin sana'a ba, zai cinye jarin cikin tsari, mako bayan mako, kana ganin kamar komai na tafiya daidai tunda ba ka karya doka ba. A nan ne littafi ke shigowa, kuma a nan nake so mu daɗe.

Ba wani babban littafi nake nufi ba. Na rubutu guda ɗaya ya isa. A gaba, kowace rana ta samu layinta: abin da ya shigo tsaba, abin da ya shigo ta banki, abin da ya fita sari, abin da ya fita hidimar sana'a. A ƙarshen littafin kuma ka ware shafuka uku, na waɗanda kake bi bashi, na waɗanda ke bin ka, sai na ƙarshe ka rubuta sunanka a samansa. Wannan shafin naka shi ne wanda kowa ke jin nauyin buɗewa. Duk abin da ka ɗauka nan zai shiga: albashin mako, canjin da ka zara daga durowa ka miƙa wa yaro, kayan da ka ɗauka daga kanta ka tafi da su gida. Kayan a farashin sari za ka rubuta su. Banki ba ya ganin waɗannan biyun na ƙarshe, shi ya sa asusu biyu kaɗai ba sa kama su.

Sai ranar ƙarshen wata ka rufe da wuri, ka ƙirga kaya a farashin da ka saro su, ka yi wannan lissafin. Mu ce a farkon wata kana da kayan 300,000, asusun sana'a na da 80,000, durowa 20,000, kana bin mutane 30,000, dila kuma na bin ka 50,000. Ka haɗa huɗun farko ka cire na dila, ƙarfin sana'arka 380,000 ne. A ƙarshen wata kaya sun koma 270,000, asusu ya hau 110,000, durowa 15,000, bashin da kake bi ya kai 55,000, na dila 60,000. Jimla 390,000. Shafinka kuma ya nuna albashin 12,000 sau huɗu, wato 48,000, da kayan 7,000 da suka tafi gida, duka 55,000. Tunda ba ka zuba sabon kuɗi ba, ribar watan ita ce ƙarin 10,000 ɗin nan haɗe da 55,000 da ka ci, wato 65,000.

A takarda ka samu 65,000 ka ci 55,000, lafiya lau. Wanda kuma wayarsa kawai yake dubawa zai fi haka murna, don asusu ya tashi daga 80,000 zuwa 110,000. Amma dubi inda ƙarin ya fito: kaya sun ragu da 30,000 ba a mayar da gurbinsu ba, dila ya ƙara bin ka 10,000. Kuɗin da ke asusun kayan kanta ne da suka canza kama, suna jiran komawa. Sannan 25,000 daga cikin ribar tana aljihun mutane. Ka cire bashin da kake bi daga ɓangarorin biyu ka gani: da 350,000 ka fara, da 335,000 ka gama. Abin da kake iya juyawa ya ragu da 15,000 a watan da ka ci riba. Ina kyautata zaton irin wannan ce ramar da kake gani, kuma alamarta ita ce kanta na yin fili, kana rage yawan sari duk zuwa, alhali alat bai daina shigowa ba.

Wannan lissafin ne zai gaya maka albashinka. Ka yi shi wata uku a jere. A ce ka samu 65,000, sai 48,000, sai 72,000. Kada ka ɗauki matsakaici, ka dubi watan da ya fi rauni ka sauka ƙasa da shi, kamar 40,000, wato 10,000 a mako. Idan ka ɗauki kaya zuwa gida, daga cikin wannan 10,000 ɗin za ka biya, ka saya kamar kowane kwastoma. Na san da ciwo mutum ya rage wa kansa daga 12,000, amma gara ka rage da hannunka kafin sana'ar ta rage maka da ƙarfi. Akwai kuma dalilin barin rata: idan farashin sari ya tashi, abin da ka saro 20,000 sai ka cika kafin ka mayar da shi, kuma daga ribar da ka bari cikon zai fito.

To ina kaso ya tafi? Yana nan, lokacinsa ne ya canza. A ce a wata ukun da suka biyo baya ma ribar da ta taru 185,000 ce, albashin 40,000 a wata ya ci 120,000, saura 65,000. Ka cire wanda har yanzu bashi ne a hannun mutane, abin da ya rage ka raba, rabi ya zauna a jari rabi ka tura wa kanka. Wannan kaso ne daga ribar da aka ƙirga aka tabbatar, ba ta ƙiyasin yamma ba. Ra'ayina ke nan: albashi duk mako, kaso duk wata uku. Wanda kawai zan yarje wa cire kason kullum shi ne mai sarowa da safe ya sayar tas kafin dare, ba ragowar kaya ba bashi, domin shi yana mayar da uwar kuɗi gefe ya ga ribarsa a tafin hannu.

Ranar larura za ta zo, ba makawa, rashin lafiya ko wani abin da ba ya jiran ranar albashi. Ka ɗauka, amma ta tiransifa ba daga durowa ba, ka rubuta a shafinka cewa rance ne, ka kuma rubuta yadda za ka biya a wurin nan take, misali 2,000 daga albashin kowane mako har ya cika. Haka idan kai ne ka tallafi sana'ar da kuɗinka ranar sari, ka rubuta, don kada ya fito a lissafin wata kamar riba ce.

Sai wata 'yar kafa da ke ɓata wa mutane da yawa lissafi: tsoffin kwastomomi da suka saba da tsohuwar lambar asusunka. Za su ci gaba da turowa can. Duk wanda ya shigo, ka mayar da shi asusun sana'a a ranar, adadin daidai ba ragi, ka sa sunan mai kuɗin a wurin bayani. Idan ya kwana a asusunka, gobe ya gauraya da kuɗin cefane. Lambar asusun sana'a kaɗai za ka manna inda ake biya, katinsa kuma ka bar shi a ajiye, ba a aljihun da kake fita da shi ba.

Idan ka yi ƙidayar wata uku ka tarar ko watan da ya fi kyau bai kai abin da gida ke ci ba, to ba rabon asusu ne ya gaza ba, sana'ar ce ba ta kai ɗaukar gidan ba tukuna. A nan sai a koma duba farashin da kake sayarwa, da yawan bashin da kake bayarwa, da kayan da suka daɗe a kanta ba sa motsi. Ka fara da ƙidayar ƙarshen watan nan, ka kawo mana alƙaluma biyar ɗin, mu duba tare.