Sharhina kan malamin da muka ɗauko daga Yamai ya tsara mana sifirint

Da yawanku kun san shi, kun kuma san abin da yake karɓa, don haka ba sai na faɗi suna ko kuɗi ba. Shi ne dai wanda yake zagayawa wajen ƙananan ƙungiyoyin masu rubuta manhaja, ya zauna da su su tsara sifirint guda, wato zangon aiki na ƴan satuttuka, ya bar musu takardar lissafi ta ordinata ya tafi. Mu biyar ne a nan Maraɗi: masu rubutu huɗu, sai ni da nake karɓar buƙatun ƴan kasuwa ina jera su. Manhajarmu ta lissafin kaya da bashi ce, ta manyan dillalan da ke kewayen babbar kasuwa. Sifirint ɗinmu sati biyu ne, kuma mun saba mu ɗibi aikin maki talatin da wani abu, maki shi ne awon nauyin aiki, daga bakilog, wato jerin ayyukan da ke jira, mu ƙare da rabi a hannu.

Na zaci zai fara da bakilog. Ko kallonsa bai yi ba. Ya sa aka sauko da kalandar bango, irin wadda ake rabawa a shaguna, ya shimfiɗa ta a tebur, ya ce kowa ya faɗi ranakun da ba zai kasance a kujerarsa ba. A raina na ce, ashe ƙirga ranaku muka biya jakunkuna a yi mana.

To ga yadda ƙirgar ta kasance, don ita ce duk abin da na saya. Mutum huɗu, ranakun aiki goma, arba'in ke nan a takarda. Sallar layya ta faɗo cikin sati na biyu, kwana biyu ba wanda zai zo, sai ya zama kowa takwas gare shi, jimla 32. Yaronmu mai Android zai je Tasawa ya girka wa wani dillali manhajar, ya koya wa yaran shagonsa: kwana uku, saura 29. Ɗalibarmu tana jami'a, rabin yini take yi mana, an cire huɗu, saura 25. Nan na ce an gama, sai ya tambaya wa yake ɗaga waya in ɗan kasuwa ya kira ya ce rasit ya ƙi fita. Muka kalli juna. Kullum akwai mai yi, kuma ranakun Litinin da Juma'a, da kasuwa ke ci, wayar ba ta hutawa. Da muka duba saƙonnin satuttukan baya sai ga shi yana cinye kusan rabin yinin mutum guda a kowace rana. An sake cire huɗu. Zaman tsarawa, da na nuna aiki, da na waiwaye a ƙarshe, suka ɗauki uku. Abin da ya rage 18.

Sai ya nemi makin da muka gama a sifirint uku na baya. Ya jaddada: wanda aka gama, aka gwada, ya kai hannun mai shago. Abin da aka ce saura kaɗan sifiri ne. Suka fito 21, 18, 24, matsakaicinsu 21. Ya yi wa sifirint na yau da kullum irin waccan ƙirgar, wanda ba Salla ba tafiya: arba'in, a cire biyar na ɗaliba, biyar na waya, uku na zama, 27. Ya rubuta a allo:

```
21 × 18 ÷ 27 = 14
```

Maki sha huɗu. Ni da na shigo da jerin maki 35, na riga na yi wa mutane alkawari.

Mai kula da sabarmu ya ce ai ba a cire ɗauke wuta ba, ga zafi, ga rezo da ke tafiya da la'asar. Amsar da ya ba shi ta burge ni. Ya ce, "A satuttukan da kuka yi maki 21 ɗin, ba a ɗauke wuta ba ne?" An ɗauke mana. Ya ce to tana cikin lissafin, da sallar Juma'a, da shayin yamma, da komai na yau da kullum. Abin da ake cirewa shi ne abin da ya bambanta wannan satin da na baya. In ka cire wuta kuma, ka cire ta sau biyu, sai ku ɗauki aikin da bai kai ƙarfinku ba.

Rigimar ta taso ne a kan abu na farko a bakilog. Akwai wani Alhaji, babban abokin cinikinmu, mai sito uku, wanda yaransa ke kai kaya ƙauyuka inda rezo ba ya kaiwa. Yana so su riƙa shigar da ciniki a waya ko ba intanet, in sun dawo gari komai ya haɗu da na babban shago. Mun ba shi maki takwas, kuma na ce masa kafin Salla. Takwas cikin sha huɗu ai ya shiga, har da canji. Malamin ya ce bai shiga ba. Ya tambaya wa zai iya wannan aikin. Mutum ɗaya ne, mai Android, wanda zai tafi Tasawa. Takwas ɗinsa a cire uku na tafiya, a cire na zama, kwana huɗu ya rage masa. Ya juya wajen yaron ya ce, "Kai za ka yi, kwana nawa?" Yaron ya kalle ni, ya sunkuyar da kai, ya ce shida in komai ya tafi daidai.

Raina ya ɓaci sosai. Na ce, "Malam, ni zan tsaya gaban Alhaji, ba kai ba." Ya ce, "Gaskiya ne maigida, shi ya sa gara ka tsaya gabansa yau da ka tsaya ranar jajibir." Ya ƙara da cewa jeri nawa ne, ni nake cewa wane ne a sama, amma yawan abin da za a ɗiba masu yin aikin ne ke faɗa, kuma haka yake a jagoran Sikiram, tsarin aikin da muke bi, na Ken Schwaber da Jeff Sutherland, bugun 2020. Wannan na san shi tun da, sai dai ba a taɓa karanta mini shi a cikin ofishina ba.

Abin da ya yi da takwas ɗin shi ya sauko da ni. Ya sa yaron ya tsaga shi biyu. Kashi na farko, maki uku: wayar ta adana ciniki a cikinta in ba rezo, ta nuna jimlar yini, yaron shago ya iya nuna wa maigidansa da ido. Kashi na biyu, maki biyar: aikawa zuwa saba da daidaitawa, wato abin da za a yi in yara biyu sun sayar da buhu ɗaya na ƙarshe kowa a wayarsa. Nan ne wahalar take, nan ne kuma ba wanda ya san tsawonta. Muka ɗauki na farko, ya dace da kwana huɗun. Muka ƙara rahoton bashin kowane abokin ciniki, maki biyar, na mai saba da ɗaliba. Gyaran rasit da ke yankewa a ƙaramar firinta, uku. Sai wani ƙaramin gyara na kuɗin sefa da naira a rasit guda, biyu, don masu sayo kaya ta Jibiya. Sha uku. Guda ɗayan da ya rage ya hana mu cike shi. Aka rubuta manufar sifirint a layi guda a saman allo: yaran Alhaji su fita ƙauye da wayar da ba ta ɓatar da ciniki. Duka zaman bai kai awa huɗu ba.

Na je wajen Alhaji da yamma na faɗa masa rabi zai samu kafin Salla. Ya yi shiru, ya ce, "Rabin zai yi aiki?" Na ce zai yi. Ya ce to a kawo.

Kuma an kai. Ranar Laraba ta sati na farko an riga an matsar da gyaran firinta zuwa layin waɗanda aka gama, abin da ban saba gani ba, don da sai ka ga katuttukan aiki bakwai duk a layin tsakiya na allo, ba ko ɗaya a ƙarshe, har ranar da za a nuna aiki. Malamin ya ce mana wannan ita ce alamar da za mu riƙa dubawa: in rabin sifirint ya wuce ba abin da ya ƙare, an ɗibi fiye da ƙarfi, a zauna a rage tun da wuri. Rahoton bashi ya so ya ba mu matsala, don ya yi nauyi a tsohuwar wayar da magatakardan Alhaji ke riƙewa, amma akwai sarari, aka gyara. Yaran nan sun yi Salla ba ordinata a cinya. Da a ranar na rubuta wannan sharhin, da yabo kawai za ku karanta.

Sai dai akwai takardar lissafin da ya bar mana, wadda tana cikin kuɗin, kuma ita ya fi tallatawa. Ka sa ranar farawa da ta ƙarewa, ta ba ka ranakun kowa. Mun bi ta sifirint bayan sifirint lafiya, har aka zo wanda Maulidi ya faɗo ciki. Ta ba kowa goma cif. Ɗalibarmu ce ta lura, ta buɗe gidan lissafin, wanda ya kulle sai da ta kwafe shi zuwa wata takarda, ga abin da ke ciki:

```
=NB.JOURS.OUVRES(B2;C2)
```

Wannan Asabar da Lahadi kawai yake cirewa. Ranakun hutu sai ka ba shi jerinsu a gurbi na uku, kuma bai sa ba, bai kuma bar wurin sawa ba. Mutumin da ya fara aikinsa da cire mana kwanakin Salla a kalandar bango! Ga mu da bukukuwan da ke bin ganin wata, waɗanda dole a shigar da hannu. Ta gyara shi haka, ta jera ranakun a gefe:

```
=NB.JOURS.OUVRES(B2;C2;F2:F12)
```

Ba nan kaɗai ba. Takardar ba ta da gurbin mai ɗaga waya, ba ta kuma raba ranaku bisa wanda ya iya wane aiki, wato ainihin abin da ya cece mu a kan aikin Alhaji. Jimla guda take ba ka. Duk wanda ya sayi takardar ita kaɗai, kamar yadda na ji yana sayar wa wasu a rahusa, zai ga takwas ya shiga cikin sha huɗu ya ɗauka.

Na aika masa saƙo da hoton gidan lissafin. An yi alkawarin zai leƙo mu ta waya a zaman waiwaye na farko, wannan ma bai yi ba, sai saƙon murya na minti guda yana cikin mota. A kan takardar kuwa ya amsa bayan an daɗe, ya ce za a duba a sabon bugu. Har yau ban ga sabon bugun ba, kuma ba a ce za a rage mini ko dala ba.

In za ku ɗauko shi, ku ɗauko shi don zaman, ku tabbata makin sifirint uku na baya suna hannunku kafin ya iso, in ba haka ba rabin lokacin da kuka biya zai tafi wajen tono su. Ku sa a rubuta ranar da zai sake kira, kar ku biya cikon kuɗin sai ya kira. Takardar kuma ku ce a cire ta daga farashi. Kashi na biyu na aikin Alhaji, mai maki biyar ɗin, da aka zo yinsa sai da ya ci sifirint guda da rabi.