Intanet ɗin da na sa a shago: gudu akwai, amma kira ba ya yiwuwa

Kamfanin da ya ja mana waya a Unguwar Rimi ya yi alkawarin megabit 20, kuma maganar gaskiya bai yi ƙarya ba. Duk sanda na buɗe fast.com sai in ga 19 ko 20. Megabit 20 ɗin da suke sayarwa shi ne turufut, wato yawan datar da layin ke ɗauka a daƙiƙa guda, har da adireshin da ake liƙa wa kowane ƙunshin data da wanda aka sake aikowa saboda ya ɓace.

Abin da ya shafe ni shi ne gudfut, ainihin kayana da suka iso. Fayil mai megabait 100 megabit 800 ke nan, ya kamata ya sauka a daƙiƙa 40 da 'yan kai, tunda adireshi na cin kamar kashi 5 cikin ɗari. Da safe na sa agogo, 43. Na ce madalla, har na tallata su wa maƙwabta.

Sai ranar da wani Alhaji ya zo zai yi ganawa ta Zoom da mutanen Legas. Yarona na ɗora bidiyon biki a ɗaya kwamfutar. Murya ta riƙa yankewa, can kuma ta taho a guje. Alhaji ya ce, "Malam, wannan ne intanet ɗin da kake kurantawa?" Ya tattara ya koma kan datar wayarsa. Wallahi kunya ta kama ni.

Bayan ya fita na buga wannan a Windows:

```
ping -n 50 8.8.8.8
```

Wannan na auna jinkiri, lokacin da ƙunshi ɗaya ke ɗauka ya je ya dawo. Layi ba kowa, `Average` ya nuna 35ms, `Minimum` da `Maximum` na kusa da juna. Na ce yaron ya ci gaba da ɗorawa, na sake bugawa. Sai ga 60, 400, 90, 700. Wannan hawa da saukar ita ce jita, kuma ita ke kashe kira. Jinkiri ko da ɗan yawa, in ya tsaya wuri guda ana iya magana. In yana tsalle haka, muryar da ta makara zubar da ita manhaja ke yi.

Laifin na rawutar da suka ba mu ne, wato na'urar da ke raba intanet ga kwamfutocin. Tana tara data a dogon layi, murya ta tsaya bayan bidiyo kamar cunkoson Kawo da yamma. A fast.com ma in ka danna `Show more info` za ka ga `Unloaded` da `Loaded`, wato jinkiri sanda layi ba kowa da sanda ake aiki da shi, tazarar da ke tsakaninsu ce ke tona asiri. Maganinsa `SQM`, wani saiti a rawuta, a rage gudun zuwa kamar kashi 90 don kada layin ya taru. Tasu ba ta da shi.

Na kira ofishinsu, wai in kashe in kunna. Da injiniyansu ya zo, gwajin gudu ya yi ya nuna mini 20, ya ce lafiya lau. Na nuna masa ping, ya ce ba a kansa suke sayarwa ba. Kuma kuɗin rawutar nan daban na biya! Mai sauke fim ya saya, ba zai yi kuka ba. Ni kam tauraro biyu, sai da na sayo wata rawutar da kuɗina.